Yadda na lissafa wa wani mai kula da inji kuɗin ƙarin awa na watan Oktoba

A masana'antar roba da nake aikin akawu a Kano, kuɗin ƙarin awa na wata ba ya fita sai tare da albashin watan da ke biye masa. Don haka a makon farko na Nuwamba 2025 takardun Oktoba na sashen injina suka iso teburina. Wannan ne karon farko da aka damƙa mini lissafin sashen, domin a da sufabaizansu ne ke yin sa a wata takarda da ya gada, ofishinmu kuma ya ɗauki jimlar ya shigar kawai. Manaja ya ce daga yanzu a riƙa bin kowace takarda daga tushe.

Na fara da ta wani dattijo da ke kula da injin da ke fitar da bokitai, saboda ita ce ta fi yawan awoyi, kuma shi ya riga ya zo da kansa da wani ɗan littafi da yake rubuta lokutansa a ciki. A takardar sufabaiza an rubuta masa naira 25,675. A littafinsa shi kuma ya fitar da naira dubu 40 da 'yan kai. Mutum ɗaya, wata ɗaya, kuma dukansu biyu sun yarda cewa ƙarin awa a ranakun aiki da Asabar ɗaya da rabi ne, Lahadi da ranar hutun gwamnati ninki biyu. Babu wanda ya kasa ninkawa a cikinsu. Duk saɓanin yana can baya, kafin a kai ga ninkawar: wane kuɗi ake rabawa, da nawa ake raba shi, kuma wace awa ce ta faɗa wane aji.

Abu na farko da na ɗauko shi ne yarjejeniyar da kamfanin ya sa wa hannu da ƙungiyar ma'aikata. Dalili kuwa shi ne dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke farashin ƙarin awa ba. Sashe na 13 ya ce lokacin aiki na yau da kullum ana tsayar da shi ne ta hanyar amincewar ɓangarorin biyu, ko yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata, ko hukumar tsara albashi ta masana'antu, sannan duk awar da aka sa ma'aikaci ya yi bayan wannan ta zama ƙarin lokaci. Ba ta ce ɗaya da rabi ba, ba ta ce ninki biyu ba. Ma'aikata da yawa suna ɗauka gwamnati ce ta kafa waɗannan lambobi, alhali a takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya suke zaune. Shi ya sa sashe na 7 na dokar yake da nauyi a wurina: ya wajabta a ba ma'aikaci bayani a rubuce cikin wata uku da fara aiki, wanda ya ƙunshi lokutan aikinsa da albashinsa da yadda ake lissafa shi. Wanda ba shi da wannan takarda, in gardama ta taso ba shi da abin da zai ɗora yatsa a kai.

Tamu yarjejeniyar ta ce aiki awa 8 ne a rana, Litinin zuwa Juma'a, wato awa 40 a mako. Masu aikin safe suna shiga ƙarfe 7 su tashi ƙarfe 4, da hutun awa ɗaya a tsakani wanda ba a ƙirga shi. Ta kuma ce ana fitar da kuɗin awa ne daga gundarin albashi, ban da alawus.

A nan lissafin dattijon ya rabu da takarda. Abin da yake karɓa a wata kafin a cire komai naira 130,000 ne, amma kashi uku ne: gundarin albashi 104,000, alawus na gida 16,000, na mota 10,000. Shi ya ɗauki 130,000 ɗin gaba ɗaya ya yi aiki da ita, wanda ya ba shi naira 750 a awa. Na nuna masa layin da ya ce gundarin albashi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To Malam, in na daɗe a wurin aiki ai kuɗin motar dare ya fi na rana tsada." Na ce, "Gaskiya ne Baba, kuma magana ce da ta kamata ku kai wa shugabannin ƙungiyarku idan za a sabunta yarjejeniya. Amma yau abin da aka sa wa hannu shi zan bi." Ni a raina ina ganin yana da hujja. Kamfanin da ya danne gundarin albashi ya kumbura alawus ya rage kuɗin ƙarin awa ke nan ba tare da ya taɓa ɗaya da rabin ba, kuma duk mai karɓar sabon aiki a wurin da ake yawan tsayawa bayan tashi ya kamata ya dubi yadda aka kasa albashin, ba jimlarsa kaɗai ba. 'Yan'uwanmu da ke aiki a kamfanonin Saudiyya sun san wannan bambanci, domin can dokar ce da kanta ta faɗa: kuɗin awa, sannan a ƙara kashi 50 cikin ɗari na gundarin albashin awar.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ta fi cin kuɗi: naira 104,000 ɗin, awa nawa ce ta saya? Watanni ba su daidaita ba. Oktoban 2025 yana da ranakun Litinin zuwa Juma'a guda 23, Fabrairun shekarar kuma 20, amma albashin bai canza ba. Idan aka ce kowane wata a raba da ranakunsa, awar mutum za ta yi tsada a Fabrairu ta yi arha a Oktoba, ga shi aikin ɗaya ne. Maganin wannan shi ne a koma shekara. Awa 40 sau mako 52 ta ba da awa 2,080. Albashin shekara kuma 104,000 sau 12, wato 1,248,000. In aka raba wannan da 2,080 sai a samu naira 600 cif. Wasu suna raba albashin wata da 173.33, abu ɗaya ne, domin 2,080 ce aka raba gida 12. Ni na fi son in bi ta shekara, saboda in mutum ya gajarta lambar ya mai da ita 173 sai kwabbai su fara zamewa.

Da na duba takardar sufabaiza sai na ga ya raba albashin da kwana 26, sannan da awa 8, ya samu naira 500. Na tambaye shi daga ina 26 ta fito. Ya ce haka ya tarar ana yi. Da na bi tsofaffin fayil sai abin ya bayyana: a da masana'antar tana aiki har Asabar, awa 48 a mako, kuma 48 sau 52 in aka raba da 12 yana ba da 208 daidai, wato 26 sau 8. A lokacin lissafin daidai yake. Da aka koma kwana biyar aka mai da Asabar ranar ƙarin awa, sai aka bar tsohuwar lambar a takarda. Ba mugunta ya yi ba, amma sakamakon shi ne an ɗauki Asabar a matsayin ranar da albashi ya riga ya biya, aka rage wa kowace awa naira 100 tun kafin a ninka ta.

Akwai wuraren da ke raba albashi da kwana 30. Da haka aka yi wa dattijon nan, da awarsa ta faɗo naira 433 da 'yan kwabbai, kamar yana aiki kowace rana ta Allah har da Lahadi. Akwai masu amfani da kwana 22, awa 176, wanda zai ba da kusan naira 591; wannan bai yi nisa ba, kuma in shi aka rubuta a yarjejeniya babu laifi a bi shi. Hanyar gane ko an yi maka daidai mai sauƙi ce: ɗauki kuɗin awar da aka yi maka aiki da shi, ka raba gundarin albashinka da shi. In amsar ta fito kusa da 173 ko 176 alhali awa 40 kake yi a mako, an tsaya a hanya. In ta fito 208 ko 240, ka nemi a nuna maka inda aka rubuta hakan.

Da na tsayar da naira 600, sauran biyun suka fito da kansu. Ɗaya da rabi naira 900, ninki biyu naira 1,200. Na rubuta su a saman takardar da babban rubutu, na koma kan awoyin.

Takardu iri biyu ne ke gabana. Akwai abin da na'urar danna yatsa ta bakin ƙofa ta fitar, akwai kuma fom ɗin amincewa da sufabaiza ke sa wa hannu duk ranar da ya ce mutum ya tsaya. Ba lallai su zo daidai ba. Ranar Talata 7 ga wata na'ura ta nuna ya fita 6:52 na yamma, fom ya ce an kashe inji 6:30. Minti 22 ɗin nan alwala ce da sallar magariba da sauya kaya, kuma shi ma a littafinsa 6:30 ya rubuta. Fom nake bi wajen biya, na'urar kuma shaida ce cewa mutumin yana cikin harabar a lokacin da fom ya faɗa. Akwai wata rana, 28 ga wata, da na'ura ta nuna 5:40 amma babu fom. Irin wannan ba na share shi haka nan, domin sau da yawa aiki aka yi sufabaiza ya manta da takarda. Na tambayi dattijon. Ya ce a'a, ranar ɗansa yake jira ya zo da babur ya ɗauke shi. Na tsallake ta.

Ranakun aiki huɗu suka rage. Talata 7 ga wata awa 2 da minti 30, Alhamis 9 ga wata awa 1 da minti 45, Talata 14 ga wata awa 3, Laraba 22 ga wata awa 2 da minti 15. In aka tara, awoyin 8 ne, mintocin 90, wato awa 9 da rabi. A takardar sufabaiza kuwa 8.90 aka rubuta. Yadda aka yi shi ne ya danna 2.30 da 1.45 da 3.00 da 2.15 a kalkuleta kamar yadda yake karanta su a agogo. Kalkuleta ɗari take ƙirgawa, agogo sittin. Minti 30 rabin awa ne, 0.5, minti 45 kuma 0.75, minti 15 0.25. Ka raba mintin da 60 kafin ka danna shi. Wannan kuskure kullum ma'aikaci yake cuta, bai taɓa cutar kamfani ba, domin lambar minti koyaushe ta fi ƙanƙanta in aka karanta ta a matsayin kashi cikin ɗari. A nan ya ci minti 36, wato naira 540. Alamarsa a fili take: duk takardar da ka ga awoyinta suna ƙarewa da .15 da .30 da .45, ba ka taɓa ganin .25 ko .50 ko .75 ba, to an yi wannan kuskuren tun daga sama har ƙasa.

Makon 6 zuwa 10 ga wata ya tsayar da ni. Ranar Juma'a 10 ga wata dattijon ya nemi izini ya tashi awa biyu kafin lokaci don ya kai iyalinsa asibiti. Ke nan a makon ya yi ƙarin awa 4 da minti 15, ya kuma rage awa 2. Jimlar makon awa 42 da minti 15. To ƙarin nawa ya yi? Amsar ta dogara da ko a rana ake ƙirgawa ko a mako. In a mako ne, sai abin da ya haura 40 kaɗai, wato awa 2 da kwata, naira 2,025. In a rana ne, duk awa 4 da kwatan suna samun naira 900, wato 3,825, sannan a cire awa biyun Juma'a a farashin da aka saba, 1,200, ya rage 2,625. Bambancin naira 600 ne. Yarjejeniyarmu cewa ta yi duk abin da ya wuce awa 8 a rana, don haka a rana na ƙirga. Na tsaya a kan wannan ne saboda yawancin shirye-shiryen lissafin da mutane ke saukowa daga intanet an gina su ne a kan dokar Amurka ta 1938, wadda ke ba da ɗaya da rabi ga abin da ya wuce awa 40 a mako. Wanda ya ɗauko irinsu ya zuba lambobinsa ba tare da ya duba ba, zai bi dokar wata ƙasa yana zaton tasa yarjejeniyar yake bi. Awa biyun da ya rasa kuma na sa su a layinsu daban, a kan naira 600. Ba daidai ba ne a cire su daga cikin awoyin ƙarin, domin yin haka cire masa 900 ne a kan awar da 600 aka saye ta.

Sai daren Asabar 18 ga wata. An sami odar gaggawa, ya shiga ƙarfe 6 na yamma ya fita ƙarfe 3 na dare, da hutun awa ɗaya daga 9 zuwa 10. Awa 9 a harabar, 8 na aiki. Sufabaiza ya rubuta duka takwas ɗin a ƙarƙashin Asabar saboda ranar aka fara, wato ɗaya da rabi. Amma daga 12 na dare Lahadi ta shiga. Akwai yarjejeniyoyin da suke cewa duk aikin da aka fara a rana na ranar ne har ya ƙare, kuma in da haka tamu ta ce da sufabaiza ya yi daidai. Tamu ta ce awoyin da aka yi a ranar Lahadi, kuma a wani sashen ta fassara rana da cewa daga 12 na dare zuwa 12 na dare. Don haka na raba daren biyu. Daga 6 zuwa 12 awa 6 ne, a cire hutu, saura 5 a kan naira 900, wato 4,500. Daga 12 zuwa 3 awa 3 a kan 1,200, wato 3,600. Daren ya tashi 8,100 maimakon 7,200. Lura da inda hutun ya faɗa, domin da ƙarfe 1 na dare ya yi shi, da daga awoyin ninki biyu za a cire, lissafin ya canza da naira 300.

A kwamfuta wannan daren yana da nasa tarkon. In ka sa lokacin shiga a B2, na fita a C2, ka ce a cire 18:00 daga 03:00, Excel zai ba ka lamba ƙasa da sifili ko ya cika gidan da alamun ####. Abin da nake amfani da shi ke nan, wanda ke mai da amsar awoyi kai tsaye ko an tsallaka tsakar dare ko ba a tsallaka ba:

```
=MOD(C2-B2,1)*24
```

Sai ka mai da gidan amsar ya zama Number, ka cire awar hutu. Wannan kuma yana kawar da matsalar minti, domin awa 2 da minti 30 zai fito 2.5 da kansa. Raba Asabar da Lahadi kuwa da hannu nake yi, in rubuta daren a layi biyu.

Lahadi 26 ga wata ba ta da wata matsala: ƙarfe 8 na safe zuwa 1 na rana, awa 5, naira 6,000. Na dai duba abu ɗaya. Dokar ƙwadago ta ce a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun awa 24 a jere, in aka tauye masa kuma sai a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi a farashin ƙarin awa. A wannan makon ya huta Asabar. A makon odar gaggawar kuma daga ƙarfe 3 na daren Asabar wayewar Lahadi zuwa 7 na safiyar Litinin awa 28 ne. Babu abin ramawa.

Ranar da ta fi jawo magana ita ce Laraba 1 ga Oktoba, hutun ranar 'yancin kai. Ya yi cikakken aiki, 7 zuwa 4, awa 8. Kowa ya yarda ninki biyu ne, amma ninki biyu yana da fuska biyu ga mai albashin wata. Albashinsa ya riga ya ƙunshi wannan Larabar, domin ko da ya zauna a gida ba za a cire masa ko kwabo ba. Wani akawun zai ce: an riga an biya shi ɗaya a cikin albashi, saura ɗaya ya cika biyu, don haka naira 600 sau 8, wato 4,800. Wani kuma zai ce: albashin ranar haƙƙinsa ne na hutu, aikin da ya yi kuma sabon ciniki ne a kan ninki biyu, 1,200 sau 8, wato 9,600. Manaja da kansa ya ɗaga wannan tambaya da ya ga takardar. Ya ce, "Malam akawu, wannan ba ninki uku muka biya ba ke nan?" Na ce, "Yallaɓai, in aka haɗa da albashin ranar haka ne. Amma ga abin da aka rubuta." Yarjejeniyar ta ce ana biyan ninki biyun ne ƙari a kan albashin wata. Ya karanta, ya gyaɗa kai.

Ko ba a rubuta ba, ni ina ganin fuska ta biyun ce ta fi kusa da adalci, kuma dalilina lissafi ne. A fuska ta farko, abin da ke shiga aljihun mutum saboda ya bar iyalinsa ranar hutu ya fito aiki shi ne naira 600 a awa, ƙasa da 900 ɗin da yake samu in ya tsaya bayan la'asar ranar Talata. Ranar da aka ce ta fi daraja ta koma mafi arha. Asabar da Lahadi ba su da wannan ruɗani, domin tun da aka raba da awa 2,080 ba su cikin abin da albashi ya saya, duk abin da aka ninka ƙari ne. Ranar hutun da ta faɗo tsakiyar mako ce kaɗai ke buƙatar a fayyace ta a rubuce, kuma ita nake ba duk wakilin ma'aikata shawarar ya nema a takardarsu kafin Sallah ko Kirsimeti ta zo.

Daga nan sai tarawa. Ajin ɗaya da rabi ya ƙunshi awa 9 da rabi na ranakun aiki da awa 5 na daren Asabar, 14 da rabi ke nan, sau 900 ya ba da naira 13,050. Ajin ninki biyu ya ƙunshi 8 na ranar hutu, 3 na bayan tsakar dare, 5 na Lahadi, 16 ke nan, sau 1,200 ya ba da 19,200. Jimla naira 32,250.

Ba na miƙa lissafi sai na bi shi ta wata hanyar daban, kamar yadda mai awo ke sake zuba hatsi a mudu kafin ya ɗaure buhu. Maimakon in ninka kuɗin, sai in ninka awoyin. Awa 14.5 sau 1.5 ta zama 21.75, awa 16 sau 2 ta zama 32, haɗe 53.75. Ma'ana, ƙarin da ya yi a watan daidai yake da awa 53.75 na aikin yau da kullum. Sau naira 600, 32,250. Sun haɗu. Wannan hanya tana da wani amfani kuma: da lamba ɗaya za ka ga abin da kowane farashi zai haifar. A kan 750 ɗin dattijon tana ba da 40,312 da kwabo 50, wato abin da ke littafinsa, kuma wannan ya tabbatar mini cewa awoyinsa duk daidai ya rubuta su har da raba daren Asabar. A kan 500 ɗin sufabaiza tana ba da 26,875. Ke nan daga cikin naira 6,575 da suka ɓace masa a tsohuwar takarda, 5,375 daga kwana 26 ɗin nan kaɗai suka tafi, ragowar kuma daga mintoci da tsakar dare.

Na kira shi na zaunar da shi muka bi layi-layi, littafinsa a buɗe kusa da takardata. Na gaya masa kada ya sa ran ganin 32,250 cif ta ƙaru a asusunsa. Kuɗin ƙarin awa yana cikin abin da ake cire wa haraji, kuma akwai 1,200 na ranar Juma'ar da ya tashi da wuri. Kashi 8 cikin ɗari na fansho ba zai ƙaru ba, domin a wurinmu a kan gundarin albashi da alawus na gida da na mota ake cire shi, ƙarin awa ba ya ciki. Ya ɗauki biro ya rubuta 600 da 900 da 1,200 a bangon littafin daga ciki, ya tambaye ni ko in an yi ƙarin albashi za su canza. Na ce za su canza, ya ɗauki sabon gundarin ya ninka da 12 ya raba da 2,080.

Sauran aikin ya fi wannan nauyi, domin tsohuwar lambar ba shi kaɗai ta taɓa ba. Duk wanda ya yi ƙarin awa a sashen tun lokacin da aka daina aikin Asabar, da kwana 26 aka raba masa. Na rubuta wa manaja takarda na nuna inda lambar ta fito da abin da take ragewa: kashi ɗaya cikin shida na kuɗin ƙarin awar kowane mutum, tunda 500 ake ba wanda ya cancanci 600. Wannan ya sa fitar da bashin bai yi wuya ba a ɓangaren farashi, domin duk abin da aka biya mutum a baya in ka raba shi gida biyar, kashi ɗaya shi ne abin da ya rage masa. Mintoci da dararen Asabar ne sai an koma fom ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya amince a gyara Oktoba nan take ga kowa, ya ce na baya kuma in fitar da jimlarsa a zauna da wakilan ƙungiya a tsara yadda za a biya. Na karɓo fayil ɗin fom na watannin baya daga hannun sufabaiza, na fara da Satumba.